An Lasa Wa Yarona Zuma Yana Wata Huɗu, Me Zan Yi?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Yarona watansa huɗu, nono zalla yake sha. Kwanaki ya yi ɗan tari da mura sai surukata ta lakato zuma a yatsa ta sa masa a baki, safe da yamma har kwana biyu. Yau kwana biyar da ba shi na farko. Jiya wata ƙawata ta ce min wai zuma tana kashe jarirai, tun lokacin ban runtsa ba. Yana shan nono lafiya yana wasa, amma kwana biyu kenan bai yi kashi ba. Da gaske ne Anti? Kuma in aka tafasa zumar ko aka samo mai kyau marar haɗi fa? Hajiya ta ce duk 'ya'yanta ta ba su ba abin da ya same su.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi ya ba shi lafiya. Abu na farko, daga yau kar a ƙara sa masa zuma a baki, ko ɗigo ɗaya, har sai ya cika wata goma sha biyu cur. A kan wannan babu saɓani tsakanin likitocin yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce. Abu na biyu kuma ki samu ki yi barci, domin yawancin jariran da aka lasa wa zuma ba abin da yake samunsu, cutar da ake gudu ba ta da yawa. Sai dai in ta zo ba ta zuwa da wasa, kuma tana shigowa ne a hankali ta yadda uwa za ta iya ɗauka yaro kasala kawai yake ji, shi ya sa nake so ki san kamanninta sosai, don aikin da ke gabanki yanzu na sa ido ne.

Sunan cutar botulizim na jarirai. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira kulostiridiyom botulinum, a cikin ƙasa da ƙura take rayuwa ko'ina a duniya. In ta ga yanayi bai mata ba sai ta dunƙule kanta cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, ba ta ci ba ta haihuwa, za ta iya shekaru a haka. Ki ɗauke ta kamar iri da ke jiran ruwan sama. Ƙudan zuma wajen yawonsu a kan furanni da ƙasa suna iya kwaso wannan irin su kai cikin saƙa, ya shiga zuma. A cikin zumar ba ya iya tsirowa saboda ruwanta kaɗan ne, sukarinta ya yi yawa, kuma tana da ɗan tsami, to sai ya yi kwanciyarsa a ciki yana jira. Shi ya sa zumar da ke ɗauke da shi ba ta canza launi, ba ta wari, ɗanɗanonta daidai, ba yadda za a yi ki gane da ido ko da harshe.

Ni da ke in muka sha wannan zumar, irin zai bi ta hanjinmu ya fita da bayan gida bai yi komai ba. Dalili kuwa hanjin babba gona ce da shuka ta riga ta cika ta, akwai biliyoyin ƙwayoyin halitta masu amfani da suka kama ko'ina, baƙon iri ba ya samun wurin da zai tsira. Hanjin jariri kuwa fili ne da ba a gama shukawa ba. Irin yana isa babban hanjinsa, ga ɗumi, ga abinci, babu iska (ita wannan ƙwayar ba ta son iska dama), babu mai takura masa, sai ya fashe ya tsira ya fara yaɗuwa, yana yaɗuwa yana fitar da dafi. Kin ga kenan ba zumar ce ke da dafi ba, a cikin cikin yaron ake haɗa dafin bayan kwanaki. Wannan dafin yana cikin mafi ƙarfin da aka sani a duniya. Yana bin jini ya je inda jijiya ke haɗuwa da tsoka ya toshe saƙon da ke cewa tsoka ta motsa. Ƙwaƙwalwar yaro lafiyarta ƙalau, tana ba da umarni, amma umarnin ba ya isa. Sai tsokoki su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya, daga fuska da maƙogwaro a gangaro wuya, hannaye, ƙirji, ƙafafu. Abin da ke kisa shi ne in ya kai ga tsokar numfashi.

Mafi yawan yaran da ke kamuwa 'yan ƙasa da wata shida ne, wato naki yana tsakiyar shekarun da aka fi jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Zuwa shekara ɗaya hanjin ya cika da nasa ƙwayoyin, ya fara kama da na manya, shi ne dalilin da aka ja layi a wata goma sha biyu.

Maganar tafasawa kuwa, a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Ruwa yana tafasa a maki 100, shi kuwa wannan irin yana iya jure tafasa na sa'o'i. Kafin a tabbatar an kashe shi sai an kai zafi maki 121 na aƙalla minti uku a cikin tukunya mai matsin tururi, irin yadda kamfanonin abincin gwangwani suke yi, kuma ba a yi wa zuma haka don zai lalata ta. Saboda haka narka ta a ruwan zafi, dafa ta da abinci, gasa ta a cikin biredi ko biskit, duk ba su isa a dogara da su ba. Ta kamfani da aka tace aka ɗumama aka zuba a kwalba mai kyau, ita ma ɗumamawar da ake mata ba ta kai ta kashe irin ba. Ita kuma mai kyau marar haɗi da kike tambaya, ai kyanta bai hana komai ba, tunda ƙudan ne da kansu suke kawo abin, ba mai sayarwa ba ne ya zuba. Yawa ma ba shi ne ma'auni ba, babu wani adadi da likita zai ce miki wannan kaɗan ne ba komai, domin irin da ya shiga yana haihuwa a ciki.

Yanzu mu zo kan yaronki. Abin da ya riga ya shiga ya shiga, babu abin da za ki ba shi ya wanke cikin. Kar ki sa shi amai, kar ki ɗura masa ruwa, kar a ba shi maganin wankin ciki ko wani jiƙo, kar ki sayo antibayotik a kemis da sunan rigakafi, ba ya hanawa. Yaron da ya sha zuma kuma yake lafiya ba a ba shi komai, ana lura da shi ne. Alamomin suna iya bayyana daga kwana 3 har zuwa kwana 30 bayan ya sha. Ke za ki fara lissafi daga ranar da aka ba shi na ƙarshe, ki ƙirga kwana talatin, ki rubuta ranar a wani wuri. In ranar ta zo yana nan garau, shikenan wannan karon an wuce.

Batun kashi shi ne na san ya fi tayar miki da hankali, kuma kina da gaskiya tunda bushewar ciki ita ce alamar da ta fi fara bayyana, hanji ma ai tsoka ce, dafin yana rage masa motsi. Amma ki sani jaririn da ke shan nono zalla, bayan ya wuce wata ɗaya zuwa biyu, yana iya kwana uku, huɗu, wani har mako bai yi kashi ba kuma lafiyarsa lau, in ya tashi yi sai ya yi mai laushi da yawa. To kwana biyu kaɗai, ga shi yana tsotso da ƙarfi yana wasa, wannan ba hujja ba ce. Abin da za ki duba shi ne, ya saba haka? In dama yaro ne mai yin kashi kullum sau biyu sau uku sai kwatsam ya ɗauke, kuma ya kai kwana uku, ni dai ina ganin ki kai shi a duba ko da babu wata alama, tunda akwai maganar zuma a ƙasa. Asarar da za ki yi ba ta wuce zaman layi ba. In kuma rashin kashin ya haɗu da ko ɗaya cikin abubuwan da zan faɗa miki yanzu, babu jiran kwana uku, a ranar za ku tafi.

Tsotso shi ne babban ma'auninki, kuma babu wanda ya kai ki sanin sa, ko likita. Kin san yadda yake cafkar nono ya ja har ki ji a jikinki, kumatunsa na motsi, kina jin ƙarar haɗiya. Yaron da dafin ya fara taɓawa zai kama nonon amma ba ƙarfi, ya ja sau biyu uku ya saki, ya daɗe a kai bai ƙoshi ba, nonon ya riƙa zubowa ta gefen bakinsa, ko ya riƙa ƙwarewa yana tari in ya zo haɗiya. Sau da yawa uwa ta kan fara ganewa ne a jikinta, ta ji nononta ya cika ya yi tauri yana mata ciwo alhali yaron yana kai, saboda ba ya zuƙewa. Ki wanke hannu ki sa ɗan yatsanki a bakinsa yau ki ji yadda yake ja, ki riƙe wannan a ranki, gobe da jibi ki gwada. Ki kuma lura da fitsari, yaron da ke ƙoshi yana jiƙa famfas ko nafkin kamar sau shida a yini da dare, in ya ragu sosai to abin da ke shiga ya ragu.

Sai kuka. Kukan yaro mai lafiya yana da kaifi, yana cika ɗaki. Na mai wannan cutar sai ya koma ƙasa-ƙasa, siriri, kamar ana kukan daga nesa, wani lokaci ki ga bakin a buɗe amma sautin da ƙyar yake fita. Abin takaicin shi ne a nan ake yaudaruwa, a ce kai yaron nan ya yi hankali kwana biyu, ya daina rigima. Ki kalli fuskarsa ma. Fatar idonsa za ta riƙa saukowa kamar mai jin barci alhali yanzu ya tashi, murmushin da ya saba yi miki in kin yi masa wasa ya ɗauke, fuskar ta zama shiru ba motsi, miyau na dalala fiye da yadda ya saba saboda ba ya iya haɗiye shi. Na san a wata huɗu yara suna dalala dama, kar wannan kaɗai ya firgita ki, wanda ake nufi shi ne dalalar da ta zo tare da raunin tsotso.

Sai wuya. Ɗan wata huɗu ya riga ya fara riƙe kansa. Ki kwantar da shi rigingine a kan katifa, ki kama hannayensa biyu ki ɗago shi a hankali kamar za ki zaunar da shi. Mai lafiya zai taimaka miki, ya ɗan tanƙware gwiwar hannu, kansa ya biyo jikinsa ko da da ɗan jinkiri. In kika ga kan ya faɗi baya laƙwas, ko kika ɗauke shi ta hammata kika ji kamar zai zame ya sulale daga hannunki, hannu da ƙafa sun saki suna reto, alhali makon jiya ba haka yake ba, to wannan ba abin kallo ba ne kuma. Duk wani abu da ya iya a baya yanzu ya kasa, shi ne abin lura.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau: galibi wannan cutar ba ta zuwa da zazzaɓi. Mun saba in jikin yaro ba zafi sai mu ce da sauƙi, a bari zuwa gobe. A nan jiki na iya zama sanyi ƙalau, ba amai ba gudawa, yaro idonsa biyu yana kallonki, amma yana ƙara saki. Kar rashin zazzaɓi ya sa ku zauna. In kuwa kika ga numfashinsa ya zama sama-sama, ko yana ɗaukewa na ɗan lokaci, ko leɓensa ya canza launi ya yi duhu, ko ya kasa haɗiya gaba ɗaya, to ko ƙarfe nawa ne na dare a tafi asibiti, kuma babban asibiti mai sashen yara, inda suke da iskar oksijin da na'urar taimakon numfashi. A hanya kar ki matsa masa da nono ko ki ɗura masa wani abu da cokali, yaron da ba ya iya haɗiya abin huhunsa zai tafi.

In kun je, kar ki jira a tambaye ki. Ki ce likita, an ba yaron nan zuma ranar kaza da ranar kaza, sau kaza, rabonsa da kashi kwana kaza, tsotsonsa ya ragu tun ranar kaza. Ki faɗi kalmar zuma da bakinki ko da Hajiya na tsaye a wurin, ba sai kin ce wa ya ba shi ba. Ina nanata wannan ne saboda cutar ba ta da yawa, likita zai iya shekaru yana aiki bai ga ko ɗaya ba, kuma jariri da ya saki ba ya shan nono abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne ƙwayar cuta ta shiga jini ko sanƙarau ko rashin ruwa a jiki. Dole su bincika waɗannan, daidai ne. Amma akwai wani rukunin antibayotik da ake yawan yi wa jarirai allurarsa, irin su jentamaisin, wanda yake ƙara raunana saƙon da ke tsakanin jijiya da tsoka, in yaro botulizim ne da shi zai iya ƙara masa shanyewar. Kalma ɗaya daga bakinki za ta iya sa likita ya canza magani. Ki tafi da ragowar zumar ma in tana nan, kar a zubar. Ana tabbatar da cutar ne ta gwajin kashin yaron, a nemi dafin ko ƙwayar, kuma sakamakon yana ɗaukar kwanaki, shi ya sa likitoci ba sa jiran sa kafin su fara kula da yaro.

Maganin kuwa yawancinsa jinya ce. A sa masa robar abinci ta hanci a riƙa ba shi nonon da kika tatsa, a lura da numfashinsa dare da rana, in ya gaza a sa shi a na'ura har ƙarfinsa ya dawo. Akwai maganin karya dafin da aka haɗa musamman don jarirai daga jinin mutanen da ke da garkuwa, Amurka ta amince da shi a 2003, kuma a gwajin da aka yi a Kalifoniya ya rage zaman asibiti daga kusan mako shida zuwa ƙasa da mako uku. Yana da tsada sosai kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Aikinsa shi ne ya kama dafin da ke yawo a jini, wanda ya riga ya manne a jijiya ba ya cire shi, sai jijiyar ta warke da kanta, abin da ke ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Shi ya sa zuwa da wuri yake da tasiri. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne dafin ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a asibitocin da ke da kayan aiki waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kusan duk sauran suna warkewa sarai su girma kamar kowa. Kuma ba a ɗaukar ta daga yaro zuwa yaro kamar mura.

Maganar Hajiya kuwa, gaskiya ta faɗa, ta ba nata ba abin da ya same su. Ba kowace zuma ce ke ɗauke da irin ba, kuma ba kowane yaron da ya haɗiye shi ne yake tsira a cikinsa ba. Mutum zai iya ba yara goma duk su tsallake. Amma ki tuna sai a 1976 likitoci a Kalifoniya suka gano wannan cutar ta jarirai suka ba ta suna, kafin nan yaron da ya saki ya daina shan nono ya rasu, wani sunan daban ake ba abin, ba wanda zai tuna da zumar da aka lasa masa mako biyu baya. A 2017 a birnin Tokiyo na Japan wani yaro ɗan wata shida ya rasu da wannan cutar, iyayensa suna haɗa masa zuma a ruwan 'ya'yan itace sau biyu a rana har kusan wata ɗaya, da zuciya ɗaya, suna ganin gina masa jiki suke yi. Ƙasa ce mai asibitoci na gani na faɗa amma ba a samu ceto shi ba. Ba na kawo wannan don in tsorata ki ba, naki lasa huɗu ne ba wata guda ba, na kawo ne don in an ce miki ai zancen banza ne ki san ba haka ba ne.

Zan kuma gaya miki wani abu don adalci. Yara da yawa da ke kamuwa da wannan cutar ba su taɓa shan zuma ba, daga ƙura suke haɗiyar irin, kuma wannan ba wanda ya isa ya hana gaba ɗaya. Zuma ce dai hanyar da aka tabbatar kuma take hannunmu, sannan jariri ba ya buƙatarta ko kaɗan, babu wani abu a cikinta da nono bai ba shi ba. Abin da ba shi da riba ga yaro kuma yana da haɗari komai ƙanƙantarsa, ni ban ga dalilin gwada shi ba.

Yadda za ki ɓullo wa Hajiya, dan Allah kar ki je mata da ƙawata ta ce, kuma kar ki nuna mata ta cuci jikanta, don ƙauna ce ta sa ta yi. Ki fara zama da maigidanki ki yi masa bayani, shi ya san yadda zai gaya wa mahaifiyarsa. In kuma ke za ki faɗa, ki ce Hajiya likitocin yara sun ce hanjinsa bai yi ƙwari ba tukuna, a dakata masa da zuma sai ya shekara, in ya shekara ke da kanki za ki fara ba shi. Ba ki ce zuma ba ta da kyau ba, ba ki ƙaryata ta ba, lokaci kawai kika ɗaga. Mafi kyau ma ranar awo ko rigakafi ku tafi tare, ki yi tambayar a gabanta ta ji daga bakin nas. Sannan duk wanda kike bar wa yaron, mai aiki ce, ƙanwarki ce, maƙwabciya ce, ki faɗa masa a fili, don sau da yawa ba a gaban uwa ake bayarwa ba.

Ki kuma sa ido kan hanyoyin da take shiga ba da sunanta ba. Tsoma robar tsotso a zuma don yaro ya yi shiru, shafa ta a kan nono don ya kama ko don kan nonon ya tsage, goga ta a dasashi lokacin haƙori, shafa ta a leɓe in ya bushe, magungunan tari da na kumburin ciki da ake haɗawa da ita, biskit da garin abincin yara masu zuma a ciki. A 2018 a jihar Teksas ta Amurka jarirai huɗu aka kwantar da wannan cutar, duk an ba su robar tsotso mai zuma a ciki. In ya kai wata shida kin fara ba shi abinci, ki riƙa juya kwali ki karanta abin da aka haɗa. Ke kuwa ki sha zumarki yadda kike so, irin ba ya bi ta nono ya kai ga yaro, ki dai wanke hannu da baki kafin ki ɗauke shi.

Saura tarin da ya jawo duk wannan. Ɗan wata huɗu mai mura, nono ne maganinsa, ki yawaita ba shi ko da kaɗan-kaɗan ne. In hanci ya toshe ki nemi ruwan gishirin ɗiga wa jarirai a hanci a kemis, ɗigo ɗaya ko biyu kowane ɓangare kafin shan nono, ki share majinar, ki nisanta shi da hayaƙi da turare. Kar ki ba shi maganin tari na kwalba sai likita ya rubuta, ba a ba jarirai su. Lokacin da yake kwance shiru ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogo, a shekarunsa in ya kai 50 ko fiye, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko zazzaɓi ya shigo, wannan kuma maganar ciwon huhu ce, ita ma asibiti take so a ranar. In Allah ya kai shi shekara ɗaya ya yi tari, rabin ƙaramin cokali na zuma kafin barci yana sauƙaƙa tarin dare, a lokacin ba laifi Hajiya ta ba shi.